Idan Ciwon Sikila Ya Tashi a Gida: Me Za a Yi, Yaushe Za a Tafi Asibiti?



'Yan uwa masu albarka, darasinmu na yau na gidan da ke da mai ciwon sikila ne, wanda wasu ke kira amosanin jini. Duk wanda ya taɓa kwana a zaune da yaro yana murƙususu, yana cewa ƙashinsa kamar ana sara, ya san cewa a wannan lokacin tambayoyi biyu ne ke damun mai gida da uwargida: me za mu ba shi yanzu, kuma shin wannan na gida ne ko na asibiti? Su za mu amsa, in sha Allahu. Ku karanta a natse tun ana lafiya, domin tsakar dare ba lokacin koyon awon magani ba ne.

*Me ke kawo raɗaɗin?*

Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya masu laushi ne, suna lanƙwasawa su wuce ta ƙananan jijiyoyi. Na mai sikila kuwa, idan ruwan jiki ya ragu ko iska ta yi musu ƙaranci, sai su ƙage, su koma kamar lauje, su yi danƙo. Daga nan sai su cushe a ƙananan jijiyoyin, jini ya kasa isa ga ƙashi da ɓargo. Wurin da jini bai isa ba, shi ne ke wannan azabar. Shi ya sa ciwon ya fi kama ƙafafu, hannaye, baya, ƙugu da haƙarƙari. A jarirai kuma yakan fara da kumburin bayan hannu da na ƙafa.

Abubuwan da suka fi tayar da shi sanannu ne: sanyin hunturu, dukan ruwan sama, wanka da ruwan sanyi, ƙishirwar bazara, zazzaɓin cizon sauro, amai da gudawa, wahalar aiki ko wasa, wani lokaci kuma al'adar mata ko damuwa. Wani sa'in ma ya tashi ba tare da an ga dalili ba, don haka kada uwa ta ɗora wa kanta laifi.

In kun gane wannan, kun gane aikin gida gaba ɗaya. Ruwa ne, ɗumi ne, sai maganin raɗaɗi a kan lokaci.

*Kafin komai, a auna zafin jiki*

Wannan mataki ne da yawancin gidaje ke tsallakewa. Farasitamol yana sauke zazzaɓi, to idan kun ba shi kafin ku auna, kun rufe alamar da ta fi kowace muhimmanci. Taɓa goshi da bayan hannu ba awo ba ne. Ku sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, ku ajiye shi tare da magungunan. Idan ya nuna digiri 38 ko fiye, zancen jinyar gida ya ƙare, sai asibiti. Za mu faɗi dalili a gaba. Idan bai kai ba, kuma babu ko ɗaya daga alamomin haɗari da za mu lissafa, sai a fara aiki.

*Ruwa: nawa, kuma ta yaya?*

Ba "ya sha ruwa da yawa" kawai za a ce ba, a ƙirga. Ledar fiya wata rabin lita ce, ita za mu yi awo da ita. Babban mutum a ranar ciwo yana buƙatar lita 3 zuwa 4, wato leda 6 zuwa 8 a yini da dare. Yaro mai nauyin kilo 20 yana buƙatar leda 3 a ranar da yake lafiya, a ranar ciwo kuma a kai shi 4. Wanda likita ya taƙaita wa ruwa saboda ciwon ƙoda ko na zuciya, shi umarnin likitansa zai bi.

Kada a ɗura masa kofi biyu a lokaci guda, amai zai yi. Kurɓi-kurɓi ake bayarwa, duk bayan minti goma ko sha biyar. Ruwan ya zama mai ɗumi ko wanda bai shiga firji ba. Kunu mai ruwa-ruwa, koko, romo, da ruwan gishiri da sukari na kemis duk suna shiga lissafi, musamman in akwai gudawa.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran mutane, tana zubar da shi ko da jiki na buƙata. Saboda haka fitsarinsa na iya fitowa da yawa kuma fari alhali jikinsa ya bushe. Kada ku ce ai yana fitsari, ruwa ya ishe shi. Ku dubi leɓe da harshe, ku kuma ƙirga abin da ya sha. Wannan dalilin ne ma ya sa yara masu sikila ke yawan fitsarin kwance. Hana su ruwa da yamma don kada su jiƙa shimfiɗa kuskure ne babba, yana iya jawo ciwon da asuba. A shimfiɗa leda, a bar yaro ya sha.

*Ɗumi, ba ƙanƙara ba*

Sanyi yana tsuke jijiyoyi, ɗumi yana buɗe su. Ku jiƙa tawul da ruwan ɗumi ku ɗora a wurin, ko ku zuba ruwan ɗumi a gora ku naɗe ta da zane. Ku fara gwadawa a fatar hannunku kada a ƙona yaro. Wanka da ruwan ɗumi da tausa a hankali suna taimakawa. Ban da matsa da ƙarfi, ban da ɗaure gaɓa tamau da ɗankwali, domin ɗaurin ƙara hana jini wucewa yake yi. A lokacin hunturu kuma, don Allah kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Iskar da gawayi ke fitarwa tana kashe mai lafiya ma, balle wanda jininsa ke neman iska.

*Maganin raɗaɗi*

Magunguna biyu ne ginshiƙin jinyar gida: farasitamol da ibufurofen. Ana iya haɗa su, domin hanyar aikinsu daban ce. A fara da wuri, tun ciwon yana ƙarami, kuma a bi agogo. Jira sai yaro ya fara ihu kafin a sake ba shi yana sa ciwon ya fi ƙarfin maganin.

Farasitamol na yara da nauyi ake auna shi, ba da shekaru ba: miligiram 15 a kan kowane kilo, duk bayan awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini da dare. Babba mai kilo 50 zuwa sama zai sha ƙwaya 2 masu miligiram 500 duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8. Masu sikila da yawa ba su da jiki, to babban da bai kai kilo 50 ba shi ma da nauyinsa za a auna masa. Wuce ƙa'ida yana lalata hanta, kuma ba a ganin alamar a ranar farko. Ku lura da cewa yawancin magungunan mura da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki akwai farasitamol a cikinsu, sai mutum ya ninka bai sani ba.

Ibufurofen kuma miligiram 10 ne a kan kowane kilo, duk bayan awa 8, bayan an ci wani abu. Babba miligiram 400 duk bayan awa 8. Amma shi yana da waɗanda ba a ba: mai olsa, mai ciwon ƙoda, mace mai ciki, mai asma da irin wannan magani ke tayar masa da ita, da wanda amai ko gudawa suka ƙarar masa da ruwa. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 ma sai da izinin likita. Kada a haɗa shi da dikulofenak, 'yan gida ɗaya ne, haɗa su ninka illa ne ga ciki da ƙoda. Kada kuma a wuce kwana 3 ana sha ba tare da likita ya gani ba. Asfirin ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16.

Magunguna masu ƙarfi irin su tiramol, kodin da allurar fentazosin, likita ne kaɗai ke rubuta su. Idan ya rubuta wa ɗanku na sha don a ajiye a gida, ku bi yadda ya faɗa, babu laifi a ciki. Abin gudu shi ne kiran mai kemis ya zo gida yana yin allurar fentazosin duk lokacin da ciwo ya motsa. Tana kama jiki, kuma yawan yin ta yana lalata tsoka ya bar gyambo mai wuyar warkewa.

*Mu ɗauki misali*

A ce yaro ne ɗan shekara 7, nauyinsa kilo 20. An kwana ana sanyi, da asuba ya tashi yana kuka da ƙwaurinsa da gwiwa. An auna zafin jiki, digiri 37 ne. Numfashinsa daidai, yana magana sarai, tafin hannunsa da cikin idonsa ba su fi kullum fari ba, cikinsa bai kumbura ba. Wannan ana iya farawa a gida.

Lissafin farasitamol: 15 sau 20, miligiram 300 ke nan. Idan na ruwa ne da aka rubuta miligiram 120 a cikin mililita 5, zai sha mililita 12 da rabi. Na ibufurofen: 10 sau 20, miligiram 200. Idan kwalbar ta ce miligiram 100 a cikin mililita 5, zai sha mililita 10. A karanta jikin kwalba kullum, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma a auna da murfin awo ko sirinji, cokalin gida ba ma'auni ba ne.

Da ƙarfe 6 na safe sai a ba shi farasitamol, ya sha koko, a bi da ibufurofen. A ɗora tawul mai ɗumi, a ajiye leda 4 na ruwa a gefe a matsayin rabonsa na ranar. Farasitamol na gaba ƙarfe 12 na rana, sai 6 na yamma, sai 12 na dare. Ibufurofen ƙarfe 2 na rana da 10 na dare. A rubuta kowane a takarda, domin idan uwa da uba da kaka duk suna jinya, ninkawa ba wuya. Kafin kowane farasitamol a sake auna zafin jiki.

Kada a bar shi a kwance wuri ɗaya duk yini. In zai iya, ya ɗan zauna, ya ɗan taka. Duk bayan awa 2 idan yana farke, ya ja dogon numfashi sau 10, ko a ba shi balan-balan ya hura. Wannan ba wasa ba ne. Mai raɗaɗi, musamman na baya ko haƙarƙari, yana taƙaita numfashi, kuma ta nan ciwon ƙirji mai haɗari ke shigowa.

Zuwa ƙarfe 7 ko 8 za ku san inda aka dosa. Idan kukan ya lafa, ya karɓi abinci, ya soma kula 'yan uwansa, a ci gaba da haka. Idan awa 2 sun wuce yana nan yana birgima, ba ya bari a taɓa shi, to ciwon ya fi ƙarfin abin da ke gida, a tafi. Idan kuma da Azahar aka auna aka ga 38, ko ya fara tari, ko numfashinsa ya yi sauri, a tafi nan take ko da ƙafar ta yi sauƙi. Haka nan idan an kwana biyu ciwon bai kama hanyar tafiya ba.

*Alamomin da ba a jira da su*

Na farko, zazzaɓi. Saifa ita ce ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, ta mai sikila kuwa tana lalacewa tun yana ƙarami, galibi kafin ya cika shekara 5. Ƙwayar cutar da wani yaro zai yi kwanaki yana fama da ita, shi tana iya mamaye jininsa cikin awoyi. Don haka kada a ce maleriya ce a sayo magani a jira gobe. Ko maleriyar ce, a mai sikila tana farfasa jini da sauri, tana buƙatar gwaji.

Na biyu, ƙirji. Ciwon ƙirji, tari, numfashi sama-sama ko da ƙyar. Wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu sikila, yara da manya, kuma sau da yawa yakan biyo bayan ciwon ƙashi da kwana ɗaya zuwa uku. Yana buƙatar iskar asibiti, allurai, wani lokaci da ƙarin jini.

Na uku, shanyewar ɓarin jiki. E, tana kama yara masu sikila. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta yi sanyi ta ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, ko yaro ya rikice ya kasa gane mutane. A nan ne wasu ke cewa iska ce ko jifa, a tsaya neman taimako a gida har lokaci ya ƙure. Ku yi addu'arku a kan hanya, amma mota ta kama hanyar asibiti, ko da alamar ta zo ta wuce.

Na huɗu, jini ya faɗi farat ɗaya. Tafin hannu, leɓe da cikin fatar ido su yi fari fat, yaro ya yi laushi, zuciya na bugawa da sauri. A ƙananan yara jini kan taru a saifa, sai ciki ya kumbura ta ɓangaren hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Wannan na iya kashewa cikin 'yan awoyi. Ku roƙi likita ya koya wa uwa yadda ake lalubar saifa, domin ta san girmanta na kullum.

Na biyar, wanda kunya ke ɓoyewa: miƙewar gaba mai zafi ga yaro ko saurayi, ba tare da sha'awa ba, galibi da dare ko da asuba. A farko ya sha ruwa, ya yi fitsari, ya ɗan zaga, ya yi wanka da ruwan ɗumi, ya sha maganin raɗaɗi. Idan ta kai awa 2 ba ta kwanta ba, asibiti. Jinkiri na iya kashe masa ƙarfin namiji har abada. Malam mai gida, wannan naka ne. Ka gaya wa ɗanka tun kafin ya faru, domin ba zai iya tunkarar mahaifiyarsa da shi ba.

Sai kuma waɗannan: aman da ya hana shan ruwa da magani, gani ya dushe kwatsam, ido ya ƙara yin ɗorawa fiye da yadda aka saba tare da fitsari kamar shayi, ko wuri ɗaya a ƙashi ya kumbura ya yi zafi. Mace mai ciki da jariri kuwa, duk ciwon da ya tashi musu na asibiti ne.

In za a tafi, a ɗauki katin asibiti, takardar da aka rubuta lokutan magani, da kwalaben. A faɗa tun daga bakin ƙofa cewa mai sikila ne. Yana da kyau kuma ku san yawan jininsa na lokacin lafiya, domin da shi likita zai gane ko ya faɗi.

*Folik asid: aikinsa da iyakarsa*

Ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 kawai. Ɓargo ba ya hutawa, kullum yana ƙera sababbi, kuma folik asid na cikin kayan aikinsa. Shi ya sa ake rubuta 'yar ƙaramar ƙwayar nan ruwan ɗorawa. Wadda aka fi samu a Najeriya mai miligiram 5 ce, ana sha sau ɗaya a rana, ƙananan yara kuma likita kan rage musu. Kullum ake sha, da lafiya da ciwo. Idan an manta jiya, a sha na yau kawai.

Amma folik asid ba maganin raɗaɗi ba ne. Ƙara yawansa ranar ciwo ba ya rage komai, kuma ba ya hana ciwon tashi. Maganin da aka tabbatar yana rage yawan tashin ciwo shi ne haidiroksiyuriya, wanda likita ke bayarwa tare da gwajin jini a kai a kai. Idan ɗanku na kwanciya sau da yawa a shekara, ku tambayi likitansa a kai. Maganin rigakafin maleriya, da fenisilin na ƙananan yara, da alluran rigakafi, su ma kada a yi wasa da su, haka gidan sauro.

Kada kuma a rikita folik asid da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, irin jajayen ƙwayoyi da tonik da ake ba masu ciki. Ƙarancin jinin mai sikila daga fashewar ƙwayoyi yake, ba daga rashin ƙarfe ba. Wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ma ƙarfen taruwa yake masa a hanta da zuciya. Ba a ba shi sai gwaji ya nuna yana buƙata. A ɓangaren abinci, zogale, alayyahu, wake da gyaɗa suna da wannan sinadari na folik, sai dai kada a dafa ganye har ya narke, yawan dahuwa na rage shi.

*Ƙaho, zuma da azumi*

Mun san da yawa a cikinmu ma'abota ƙaho ne. Ga mai sikila a bar shi, haka tsaga. Jininsa dama bai ishe shi ba, kuma rauni a jikinsa, musamman wajen idon sawu, yakan zama gyambon da ke ɗaukar watanni. Zuma a cikin ruwan ɗumi ba laifi ga wanda ya wuce shekara 1, tana ma sa yaro ya karɓi ruwan. Amma zuma ko habbatus sauda ba sa maye gurbin abin da muka lissafa, kuma ba a jinkirta asibiti dominsu. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, musamman masu sa gudawa, ruwan jikin da muke tarawa suke kwashewa.

Azumi kuwa, yini guda ba ruwa a zafin bazara na iya tayar da ciwo. Mai sikila ya zauna da likitansa kafin watan ya kama. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama, wanda kuma likita ya ce ba zai iya ba gaba ɗaya, ya tambayi malamai hukuncin ciyarwa. Idan ciwo ya motsa da rana yana cikin azumi, ya sha ruwa da magani nan take, kada ya ce bari a kira Magariba.

Yau ɗin nan, tun ana zaune ƙalau, ku haɗa 'yar jaka: ma'aunin zafi, magungunan biyu, sirinjin awo, katin asibiti, da takarda mai ɗauke da nauyin yaro da awon maganinsa wanda likita ya duba. A sabunta ta idan nauyinsa ya ƙaru. Ku kuma san wanda za ku buga wa waya ya kai ku asibiti da ƙarfe biyun dare.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, amin. A tura wa duk gidan da kuka san suna da mai sikila.

Wassalamu alaikum.